Monita da Takardar Masu Yin Hausa

A makarantu da yawa akwai dokar hana magana da Hausa a cikin aji, kuma monita ake ba aikin rubuta sunan duk wanda ya karya ta. A wani wuri tara ake ci, a wani wurin kuma shara ce hukuncin. To idan kai ne monitan, kuma dokar ba ta kwanta maka a rai ba fa?

Dokar tana da dalili, domin ban da darussan harsuna irin su Hausa da Larabci, da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Amma ni a ganina tara ba ta koya wa kowa Turanci. Yaron da bai iya ba, shiru kawai zai yi, ko tambaya ya daina.

Abin da monitoci suka fi yi shi ne bijirewa a ɓoye: su miƙa takarda ba suna ko ɗaya, ko su tsallake abokansu. Malamin aji ba kurma ba ne, yana jin Hausar tun daga baranda. Ranar da ka zo masa da ƙorafi na gaskiya, ya riga ya sa ka a layin marasa amana.

Fara da tambayar iyakar dokar. Ta shafi lokacin tara? Ta shafi wanda yake yi wa ɗan'uwansa bayanin lissafi? Sau da yawa malamin bai ma yi tunanin wannan ba, kuma amsarsa kaɗai za ta rage sunaye.

Sannan ka yi aikin tsakani da Allah har mako biyu, amma a gefen kowane suna ka rubuta abin da mutumin yake faɗa. A ce ka tara sunaye 20, ka ga 13 daga ciki tambaya suke yi kan darasi, sauran 7 ne masu surutu. Wannan takardar ita ce hujjarka. Ka same shi a ofis shi kaɗai, ba a gaban aji ba, ka ce: "Malam, ga sunayen kamar yadda aka umarce ni. Amma yawancinsu tambayar karatu suke yi. Ko za a bar mai tambaya ya yi da Hausa, sai a taya shi maimaitawa da Turanci?"

Yana iya cewa a'a, ko ya ce umarnin firinsifal ne. Idan haka ta faru, ko ka ci gaba da rubutawa ba tare da son kai ba, ko ka ajiye muƙamin a fili ka faɗi dalili. Duka biyun sun fi maguɗi.

Inda ba a biyayya shi ne idan aka miƙo maka bulala aka ce ka zane waɗanda ka rubuta. Ka ba da haƙuri ka ce ba za ka iya ba. Kuɗin tara kuwa, ka rubuta wanda ya biya da nawa ya biya, ka miƙa su a ranar, kada su kwana a aljihunka.