Tambaya da Amsa: Kiɗa a Kunne, Littafi a Hannu

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata, uku daga ciki a kan magana ɗaya suke, don haka muka haɗa su wuri guda.

Tambaya: Ɗana zai zauna jarrabawar WASSCE, amma kullum in ya buɗe littafi sai ya toshe kunne da waƙa. Na yi faɗa, ya ce ai ita ke sa ya gane. Wa ke da gaskiya? Daga wata uwa a Kumasi.

Amsa: Hajiya, in waƙar mai baiti ce, gaskiya tana wajenki. Duk mai karatu, ko da bakinsa a rufe yake, yana maimaita kalmomin a zuci kafin su zauna. To, muryar mawaƙi ma ta wannan ƙofa take shiga, kunne kuwa ba shi da murfi irin na ido. Sai maganganu biyu su yi ta gogayya a hanya ɗaya.

An gwada abin. A 1989 wasu masana biyu, Salamé da Baddeley, sun ba mutane jerin lambobi su riƙe bi da bi. Masu jin waƙa mai murya sun fi kowa kuskure, masu jin kiɗa zalla suka bi musu, waɗanda ke cikin shiru suka fi kowa riƙewa. A 2014 kuma Perham da Currie, a Cardiff ta Birtaniya, suka gwada fahimtar karatu. Waƙa mai baiti ta rage fahimta, ko mai karatun yana sonta ko ba ya so. Wannan shi ne tarkon da ɗanki ya faɗa: waƙar tana sa zaman ya yi masa daɗi, sai ya ɗauka daɗin zama shi ne ganewa.

Kada ki ƙwace wayar, gardama kawai za ta ƙaru. Ki sa shi ya zaɓi shafi biyu masu tsawo ɗaya daga littafi guda. Yau ya karanta na farko da waƙa, minti 15, ya rufe littafin ya rubuta duk abin da ya tuna. Gobe a daidai wannan lokaci ya karanta na biyu shiru, ya yi haka nan. A maimaita sau uku da sababbin shafuka, domin wani shafi ya fi wani wuya, sannan ku ƙirga tare. Akwai kuma alamar da zai iya kama kansa da ita: in ya kai ƙarshen shafi yana bin amshi, amma bai san abin da ke layin farko ba, to waƙar ce ta yi karatun.

Tambaya: Ni waƙar Indiya nake sa wa, ba na jin yaren. Ai ba komai ko? Daga wata ɗaliba a Tamale.

Amsa: Da sauƙi, amma ba ki tsira ba. Tun 1976 Colle da Welsh suka nuna cewa maganar Jamusanci tana ɓata wa masu jin Ingilishi haddar jerin haruffa, alhali ba su san abin da ake faɗa ba. Hawa da saukar muryar kaɗai ya isa. Don haka ranar haddar jadawalin sau ko shekarun tarihi, a kashe.

Tambaya: Gidan haya muke, ga rediyon maƙwabta, ga yara, ga injin niƙa. Ina zan samo shirun da kuke faɗa? Na kuma ji an ce kiɗan Mozart yana ƙara basira. Daga wani ɗalibi a Nima.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ne kiɗa zai iya yi wa rana. Hirar tsakar gida ta fi kiɗa zalla cutar da karatu, musamman da yake kana jin yaren, wataƙila ma ka san wanda ake gulmarsa. Ka nemi kiɗa marar murya, mai tafiya a hankali, ko sautin ruwan sama, ka sa shi daidai yadda zai dusashe hirar. Kada ya yi ƙarfi ko sauri, don binciken 2012 ya nuna irin wannan ne ke rage fahimtar karatu. Ka jera shi tun kafin ka zauna, domin hannun da ya je canza waƙa yakan dawo da saƙonni.

Batun Mozart kuwa an ƙara masa gishiri. A 1993 ne aka sa ɗaliban jami'a 36 a Kalifoniya suka saurari kiɗansa na minti 10 kafin gwaji, ba a lokacinsa ba. Sun ɗan fi ƙoƙari a gwajin siffofi, amma bayan kamar minti 15 abin ya gushe. Masu bincike na baya sun danganta shi da wartsakewa da nishaɗi, wanda duk kiɗan da mutum ke so zai iya ba shi. Saboda haka ka saurari gwaninka waƙa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe littafi, sa'annan ka ajiye shi sai lokacin hutu.

A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.