Tambayar da Ke Tona Asirin Ɗalibin Lauya

A ɗakunan karatu, ɗaliban lauya na rera Sashe na 38 na dokar Kotun Duniya kamar karatun allo, amma hadda ba ta nuna wanda ya gane bambancin al'ada da yarjejeniya. Malami mai dabara shari'a yake ajiye musu. Ya ce: Jamus ta Yamma ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1958 kan ƙasan teku da ke maƙwabtaka da gaɓa, amma ba ta tabbatar da ita ba; ƙa'idar raba iyaka daidai wa daida da ke Sashe na 6 ta hau kanta? Wanda ya ce e saboda sa hannu ya faɗi. Wanda ya ce a'a ya yi shiru, rabin maki ya ci, don bai tambaya ko ƙa'idar ta zama al'ada mai ɗaure kowa ba. Nan ne aikin yake: sai ya nuna ƙasashe na bin ta a aikace, kuma suna bi ne don sun ɗauke ta wajibi, ba don ladabi ko sauƙi ba. A 1969 kotun ta ce Denmark da Holland, abokan shari'ar Jamus, ba su tabbatar da hakan ba. Daga nan sai malamin ya juyo gida: yarjejeniyar da Najeriya ta tabbatar, amma Majalisar Tarayya ba ta mai da ita doka ba, alƙalin Abuja zai yi hukunci da ita? Sashe na 12 na Kundin 1999 ya hana, ko da yake a idon duniya alkawarin na wuyan Najeriya.