Kafin a goge ƙamus ɗin kibod, a fara gyara harshensa

Masu rubuta Hausa a waya a Daura suna da wata matsala tasu ta musamman. In aka cire lanƙwasa da babban baƙi, sunan garinsu da kalmar "ɗaura" ba su da bambanci. Saurayi zai rubuta "za a ɗaura aure a Daura ranar Asabar", kibod ya mai da na farkon "Daura" da babban baƙi, ko ya liƙa wa sunan garin lanƙwasa. Haka "ƙasa" da "kasa", haka "ɓata" da "bata". Katin gayyata ko saƙon neman aiki ya tafi da irin wannan kuskure, mai shi ya sha kunya.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne a goge komai. Amma gogewa kaɗai ɓata lokaci ce, domin ba ta taɓa tushen ciwon ba. Kibod yana aiki da ƙamus ɗin harshen da aka zaɓa masa, sannan yana ƙara kalmomin da mai waya yake yawan bugawa. In harshen da aka zaɓa Turanci ne kawai, kusan kowace kalmar Hausa baƙuwa ce a wurinsa, don haka ba ya rarrabe daidai da kuskure. Wanda ya saba buga "Sandamy" a maimakon Sandamu cikin gaggawa zai wayi gari kibod yana miƙo masa ita. Ya goge yau, bayan ɗan lokaci ta dawo.

Saboda haka matakin farko a Gboard shi ne a shiga Settings, sai Languages, sai Add keyboard, a zaɓi Hausa. Daga nan ɓ, ɗ da ƙ suna samuwa. Mataki na biyu, in kalmomin da suka lalace ba su wuce biyar ko goma ba, a danne kowacce a layin shawarwari da ke saman baƙaƙe, a ja ta zuwa kwandon shara. Sunayen da ake son su tsaya daram, irin su Mai'adua, Baure da Kusugu, a saka su da hannu a Dictionary, sai Personal dictionary.

Gogewa gaba ɗaya ita ce ta ƙarshe. A Gboard tana cikin Privacy, sunanta Delete learned words & data, kuma sai an buga wasu lambobi don tabbatarwa. A Samsung Keyboard ana shiga Reset to default settings, sai Erase personalized predictions. A iPhone kuwa Reset Keyboard Dictionary ce. In an goge an goge, babu dawowa, kuma kalmomi masu kyau ma sun tafi tare da marasa kyau.

Akwai lokacin da ya kamata a goge ba tare da jinkiri ba: in za a ba ƙani ko aboki aron waya, ko a bar ta wurin mai gyara. Mutum zai share hirarsa ta WhatsApp tas, amma da an buga baƙi biyu sai kibod ya fito da sunan da aka fi rubutawa, ko adireshin imel. A duba Clipboard ma. Abin da aka kwafa, kamar lambar asusun banki, Gboard yana riƙe shi na awa ɗaya in an kunna wurin, wanda aka maƙale kuwa yana nan har sai an cire shi.

Wasu za su ce ai kalmomi ne kawai, kuma a cikin waya suke. Da gaskiyarsu ta wani gefen. Google ya bayyana a 2017 cewa Gboard yana koyo a cikin wayar, abin da yake aikawa taƙaitaccen sakamakon koyon ne, ba ainihin rubutun ba. Manyan kibod kuma ba sa koyon abin da aka buga a gurbin kalmar sirri. Sai dai in an aika wa wani kalmar sirrin a cikin hira, kibod zai ɗauke ta kamar kowace kalma.

Kuma ba kowane kibod ne ke barin bayanai a waya ba. A 2016 wasu masu amfani da SwiftKey sun riƙa ganin adireshin imel na mutanen da ba su sani ba a layin shawarwari, har kamfanin ya dakatar da haɗa ƙamus ta intanet na ɗan lokaci. A Disambar 2017 aka gano bayanan mutum sama da miliyan 31 masu amfani da ai.type a buɗe a intanet, babu ko kalmar sirri.

Wannan ya sa kibod mai furanni da fitilu da wani ya turo ta Xender ya fi kuskuren rubutu haɗari. Duk kibod ɗin da ya nemi izinin shiga lambobin waya ko wurin da mutum yake, a tambayi abin da zai yi da su. In babu amsa mai gamsarwa, a cire shi a koma wanda aka san kamfaninsa.