Rufin Gida a Katsina: A Auna Nauyi Kafin a Tambayi Farashi

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Katsina, irin su Ƙofar Ƙaura Leyawut, zai ga kwano mai tsakuwa, wanda kafintoci ke kira Jerad, yana ta karɓe rufin gidaje. Asalinsa daga ƙasar Niyu Zilan ne, a shekarun 1950: faifan ƙarfe ne da aka lulluɓe da garwayen alminiyam da zink don kare tsatsa, sannan aka manna masa ɓarzajjen dutse. Wasu masu gini na ganin kwaikwayo ne kawai, tayil na yumɓu ko na kankare shi ne na ainihi. Ga yawancin gidajen Katsina, lissafi bai goyi bayansu ba.

A ɗauki gida mai rufin murabba'in mita 250. Kwano mai tsakuwa yana da nauyin kilo 7 ko ƙasa da haka a kowane murabba'in mita, wato kilo 1,750 gaba ɗaya, daidai da buhun siminti 35. Tayil na kankare kuwa yana kai wa kimanin kilo 45, wato kilo 11,250, daidai da buhu 225 a jibge bisa kan iyali dare da rana. Na yumɓu ma a wannan sahun yake, wani lokacin har ya zarce.

Daga nan tsadar gaskiya take fitowa. Mai sayen tayil na kankare yakan ga farashin guda ɗaya da sauƙi, ya manta cewa nauyin zai buƙaci katako mai kauri, a jera shi kusa da kusa, ko kuma a haɗa rufin da ƙarfe. Katakon rufi kuwa daga Kudu ake hauro da shi, haka shi ma tayil ɗin daga nesa zai zo, a biya dakon tan 11 maimakon ƙasa da tan 2, ga asarar waɗanda suka fashe a hanya. Bangon ma sai ya kasance na bulo mai ƙwari, da linta ta kankare da rodi wadda ta zagaye gidan. Wanda ya ɗora irin wannan nauyi a kan bulon da aka tsuke wa siminti zai ga rufin yana lotsawa a tsakiya, bango yana tsagewa a saman taga.

Masu son yumɓu suna da hujja biyu masu ƙarfi. Ta farko ita ce tsawon rai: gasasshen yumɓu mai kyau yana iya kai wa shekara 100, kankare ya yi 50, alhali shekara 50 da ake alkawartawa a kan kwano mai tsakuwa magana ce ta takardar kamfani, kuma ta shafi na asali ne kaɗai. Ta biyu ita ce zafi: a watan Afrilu, lokacin da Katsina ke kai wa digiri 40, tayil mai kauri yana jinkirta shigar zafi ɗaki, kamar yadda rufin soro na azara ke yi. Sai dai silin mai kyau da kafofin iska a cikin rufi suna rage wannan tazara ƙwarai. Batun shekaru kuma, a ƙasar da gara ke cin katako, ba tayil ne ke yanke hukunci ba. Tayil na shekara 100 a kan katakon da ba a shafa wa maganin gara ba zai sauko tare da katakon.

Rashin nauyin kwanon shi ne kuma rauninsa. Guguwar farkon damina ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Don haka dole a ɗaure katakon da ke kwance bisa bango da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne cikin linta, a kuma buga ƙusa a gaban kwanon inda ya lanƙwaso, ba a samansa ba, don kada ruwa ya bi ramin. A yanka shi da almakashin kwano, domin injin gurza yana ƙona abin da ke kare bakin daga tsatsa.

Jabu ma ya cika kasuwa, kuma gane shi ba wuya. Kwano ɗaya na kirki, mai rufe kusan rabin murabba'in mita, yana kai wa kimanin kilo 3, kaurin ƙarfensa kuma milimita 0.4 ne ko kusa da haka. Idan sikeli ya nuna ƙasa da haka sosai, ko aka murza shi da tafin hannu tsakuwa ta yi ta zuba, ba zai jure damina masu yawa ba.

Tayil na yumɓu ko na kankare ya dace da wanda injiniya ya lissafa masa nauyinsa tun daga harsashi. Wanda gininsa ya riga ya kai linta da bulo irin na kowa, ya sayi kwano mai tsakuwa na asali, ya sa rarar kuɗin a maganin gara, ɗaurin rufi da silin.