Daimon ba zinare ba ne

A makon jiya wata ƙanwata da ke aure a Darmanawa ta zo min da zobe a ƙulle cikin hankici, ranta a ɓace. Cikin kayan lefenta ya zo daga Dubai, zinare mai karat 18, da daimon karat ɗaya a kansa. Kuɗin makarantar yara ya taso, ta kai wa mai sayen gwal. Ya ɗora a sikeli, ya cire nauyin dutsen, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, ya yi wa zinaren kuɗi. Dutsen kuwa ya ce ta riƙe abinta.

“Yaya, jabu aka saya min ke nan?”

Na ce ta kawo takardar zoben. Ta IGI ce, an kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa a masana'anta aka yi dutsen. Ba jabu ba ne. Sinadarinsa ɗaya da wanda ake haƙowa a Botswana, taurinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya. Ido ba ya bambanta su, haka ma ɗan na'urar nan mai kama da biro da masu shago ke dangwala wa dutse. Sai dai a duba rubutun da aka zana a gefen dutsen da madubin ƙara girma, ko a kai ɗakin gwaji.

Bambancin yana wajen kuɗi. A 2018 kamfanin De Beers, uban tafiya a harkar haƙar daimon, ya fara sayar da na masana'anta da sunan Lightbox a kan dala 800 kowane karat, lokacin da na haƙa mai kyau ke kai dala dubbai. A 2024 ya sauke zuwa dala 500, a 2025 ya sanar da rufe Lightbox ɗin. Masana'antun Sin da Indiya sun cika kasuwa, farashi sai ƙasa yake yi. To, wane ɗan kasuwa ne zai sayi tsohon dutse a hannun ƙanwata, alhali gobe zai samu sabo da araha?

Kada mai na haƙa ya yi dariya tukuna. Shi ma in ya tashi sayarwa da wuya ya mayar da kuɗinsa, domin ribar mai shago ta tafi ke nan, kuma daimon ba shi da farashin giram da kowa ya sani kamar zinare. Sai dai shi ana tayawa.

Iyayenmu mata sun saba sarƙa ado ce yau, jari ce gobe. Wannan lissafi na zinare ne kaɗai. A ganina, mai haɗa lefe da ke son ƙyalli ya sayi na masana'anta hankali kwance, amma ya sa a rubuta masa kuɗin zinare daban, na dutse daban, ya kuma gaya wa amarya gaskiya. Ƙanwata dai ta fasa sayar da zoben, 'yan kunne ta kai.