Filin Kiwon Lafiya: Kitso Mai Tsauri Da Cinyewar Gashin Goshi

Sau da yawa akan ga mace da sauran ƙuruciyarta, amma gashin goshinta ya ja da baya, har ba ta iya zama cikin 'yan'uwanta mata sai da ɗankwali. Galibi ba gado ba ne, ba kuwa sammu ba. Ja ne ya yi yawa.

Kowane silin gashi yana da saiwarsa cikin fata, kuma na goshi da na saman kunne sun fi rauni. In makitsiya ta tamke shuku ƙwarai, ko aka ɗora wa kai nauyin gashin doki, ko aka riƙa ɗaure ɗankwali tamau a wuri guda kullum, to, saiwar nan takan kumbura, gashin ya zube. Abin ya fi muni ga wadda ta shafa man miƙar da gashi sa'an nan ta yi kitso a kai.

Jiki ba ya ɓoye kukansa. Kitson da ya sa ciwon kai, ko ya hana barci, ko ya fito da 'yan ƙuraje a gindin gashi, ya wuce kima, a tsefe shi a ranar. Daga baya akan ga fili ya buɗe, an bar 'yan siraran gashi jere a bakin goshi.

Shin gashin yakan dawo? Amsar tana ga fatar wurin. In an duba da haske aka ga 'yan ƙofofin gashi da ɗan gashi mai laushi, saiwa tana da rai. In kuwa wurin ya yi sumul yana sheƙi, tabo ya maye gurbin saiwa, kuma babu man kaɗanya ko man shanun da zai tsirar da gashi a kan tabo. Abin da ya saura sai dashen gashi a hannun likita.

A ɗauki misalin wadda ta shekara tana ƙananan kitso masu tsauri, sa'an nan ta daina. Saiwar da ta wahala takan huta kamar wata 3 kafin ta farfaɗo, gashi kuwa yana tsawon kimanin santimita 1 a wata. Ke nan bayan wata 6 za ta ga tohon da bai wuce santimita 3 ba, kada ta ƙosa. In lokacin ya yi ba ta ga kome ba, sai ta nemi likitan fata. Yakan ba da maganin shafawa mai suna minoksidil, wanda ba a ba mai ciki.

Saboda haka a yi kitso manya, sassauƙa, a bar gashin goshi kada a kama shi, kuma kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai. Iyaye mata su lura da kan 'yan mata ƙanana, domin tun daga nan ɓarnar take farawa. Allah Ya ƙara lafiya.