Inda ɗaliban haɗa magunguna ke tuntuɓe a jarrabawar lasisi

Kammala jami'a bai isa ya ba ɗalibin fannin haɗa magunguna damar tsayawa a kanti yana ba da magani ba. Sai ya yi shekara guda ta koyon aiki, sannan ya ci jarrabawar da Majalisar Kula da Harkar Magunguna ta Najeriya, wato PCN, ke shiryawa kafin a yi masa rajista. A ganina, lissafin awon magani shi ne ɓangaren da ya fi yaudara, domin yana da sauƙi a ido.

Ga irin tambayar. Yaro mai nauyin kilo 15, likita ya rubuta masa amoksisilin miligiram 30 kan kowane kilo a rana, a raba sau uku. Jimillar rana ta zama miligiram 450, kowane sha kuma 150. Idan kwalbar mai miligiram 125 ce a cikin mililita 5, yaron zai riƙa shan mililita 6. Amma akwai wata kwalbar mai 250 a cikin mililita 5, wadda mililita 3 kacal ake ba shi. Wanda ya tsallake kalmar "a rana" zai ba yaron 450 sau uku, ninki uku ke nan. Lissafinsa daidai ne, karatun takardar ne ya kuskure. Hanyar kama kai ita ce a ninka amsar da adadin shan, a ga ko ta koma 450.

A ɓangaren magungunan da ba sa jituwa kuwa, hadda ba ta kai mutum nesa, gara sanin dalili. Sifurofuloksasin, da ake yawan bayarwa a kan taifot, yana manne wa sinadaran maginiziyam da alminiyam da ke cikin ruwan maganin olsa, sai hanji ya kasa tsotse shi. Don haka ake shan sa awa 2 kafin maganin olsa, ko awa 6 bayansa. Wanda ya gane wannan zai hango cewa maganin ƙarin jini, har ma da nono, na iya rage masa ƙarfi.

Filajil kuma, wato metronidazol, yana hana hanta sarrafa warfarin, maganin tsinka jini, sai ya taru a jiki. Alamarsa zubar jini a dasashi, ko haɓo, ko baƙin bayan gida.

Sai dai takardar jarrabawa tana jero wa ɗalibi duk abin da majinyaci ke sha. A kanti, mutumin da ya zo da takardar sifurofuloksasin ba zai ambaci maganin olsar da ya saya a kemis ɗin unguwa ba, sai an tambaye shi.